Yadda ake fitar da awon fallen kwali daga awon cikin katan

Idan aka ce katan 400 × 300 × 250 ne, ana nufin tsawo da faɗi da zurfin cikinsa a milimita, wato sararin da kaya za su zauna, kuma a wannan jerin ake rubuta su kullum. Wanda ya zana waɗannan lambobi kai tsaye a kan falle ya yanka, katan ɗinsa zai fito a matse, domin kowace lanƙwasa tana cinye wani abu daga sararin ciki. A nan za mu bi katan ɗin da aka fi sani, mai marafe huɗu a sama da huɗu a ƙasa, wanda lambarsa a tsarin FEFCO, ƙungiyar masana'antun kwali ta Turai, ita ce 0201.

Fara da auna kaurin kwalin da ke hannunka. Tsakanin takardun waje biyu akwai wata mai tudu da kwari kamar kwanon rufi, kuma girman jijiyoyinta ne ke ƙayyade kauri: samfurin B kusan milimita 3 ne, C kusan 4, mai ninki biyu na BC kuwa kusan 7. Kada ka dogara da sunan kaɗai, domin kwalin da ya sha danni yakan rage kauri. Ka jera guntaye goma, ka auna su tare ba tare da matsawa ba, sannan ka raba da goma. A misalinmu samfurin C ne, kauri 4.

Daga nan sai tsawon fallen, wanda ya ƙunshi harshen gam, wato ɗan siririn gefen da ake mannawa a bango na ƙarshe don haɗe katan, da bangaye huɗu a jere. Idan aka lanƙwasa kwali, layin lanƙwasar yana faɗawa kusan tsakiyar kaurin bangon da ke makwabtaka, saboda haka kowace kusurwa tana ɗauke rabin kauri daga ciki. Bangon da ke da lanƙwasa hagu da dama ya rasa cikakken kauri ɗaya ke nan, sai a mayar masa: 400 ya zama 404, 300 ya zama 304. Bango na ƙarshe daban yake, domin gefensa ɗaya yanka ne, kuma idan aka ba shi cikakken ƙari bakinsa zai leƙo ya wuce kusurwa. Rabin kauri ya ishe shi, wato 302. Harshen gam na milimita 35 ya wadatar ga kwali mai ninki ɗaya.

```
35 + 404 + 304 + 404 + 302 = 1449
```

Faɗin fallen ya fi neman natsuwa. Zurfi ana ƙara masa kauri biyu, domin marafen ciki da na waje duk a kan layi ɗaya suke lanƙwashewa, kuma idan na waje suka hau, sai su tura na ciki cikin katan, sama da ƙasa. Saboda haka 250 ya zama 258. Tsawon kowane marfi kuwa daga faɗin katan ake fitar da shi, domin dogayen marafen waje su haɗu daidai a tsakiya: 300 da 4, a raba biyu, 152.

```
152 + 258 + 152 = 562
```

Fallen da za ka yanka shi ne 1449 × 562, kuma wajibi ne jijiyoyin su bi gefen 562, yadda za su tsaya a tsaye idan an harhaɗa katan ɗin, domin su ne ke ɗaukar nauyi idan an jibga wani kan wani. A kan layukan da suka raba bangaye sai a yi tsaga mai faɗin milimita 6 zuwa 8, daga bakin falle zuwa layin marfi, ba tare da ta wuce shi ba.

Wannan lissafi mafari ne, domin kowace masana'anta tana da nata ƙarin gwargwadon injinta, kuma bambancin milimita ɗaya ko biyu ba abin mamaki ba ne. Shi ya sa nake ganin bai dace a yanka da yawa ba sai an harhaɗa guda ɗaya an auna cikinsa, an kuma zuba ainihin kayan. Idan marafen waje suka hau juna, sun yi tsawo. Idan suka bar giɓi, ƙarinsu bai kai ba, kuma duk milimita ɗaya da aka ƙara wa marfi tana rufe biyu a tsakiya. Idan katan ya karkace, duba giɓin da ke wurin gam, domin dole faɗinsa na sama da na ƙasa su zo ɗaya. Tsagewar takarda a kan lanƙwasa kuwa sau da yawa bushewa ce ke jawo ta, musamman lokacin hunturu, ko kuma an danna layin fiye da ƙima.

Harshen gam ma yana cin sarari, domin idan an manna shi ta ciki yakan rage milimita 4 daga tsawo a wannan kusurwa. Ga kaya masu tauri da kusurwoyi, kamar ƙananan kwalayen sabulu, sai a ƙara wannan a awon ciki tun farko, ko a manna harshen ta waje.