Yadda na gyara allon bayanan shugabannin kamfani

Allon da muke nuna wa shugabanni yana ɗauke da jadawalai da yawa, amma duk zaman kasafin kuɗi sai an koma Excel, domin allon ba ya nuna sashen da zai ƙetare kasonsa. Na bi bayanan tarurrukan baya, na bar alƙaluman da aka taɓa yanke shawara a kansu kawai: abin da aka kashe, odar da aka sa wa hannu ba a biya ba tukuna, da watannin da kuɗin banki zai ɗauke mu.

Na biyun ne ya warware matsalar. Sashen da aka ware wa naira miliyan 50, ya kashe 30, a da ana ganinsa lafiya lau, alhali odar miliyan 18 na jiran biya, saura miliyan 2 kacal. Yanzu allon yana haɗa su, ya yi ja idan jimillar ta haura kashi 90 cikin ɗari na kason sashen.