Idan ma'aikaci ya yawaita makara

Kada ka yi masa magana a bakin ƙofa lokacin da ya shigo yana haki, abokan aiki suna kallo. A wannan lokacin kunya ce kawai za ta shige shi, maganarka ba za ta shiga ba. Bari ya natsu, ka kira shi gefe ku biyu.

Ka zo da ranaku a rubuce. "Kullum kana makara" zargi ne, zai tsaya musu. Amma in ka ce, "Malam, cikin mako biyu sau huɗu ka iso bayan ƙarfe 8:30, ranar Talata abokin aikinka shi kaɗai ya ji da jama'a," ba abin jayayya. Sai ka tambaye shi, "Lafiya kuwa?" Ka yi shiru ka saurara. Nan ne yawancinmu muke gaggawa, alhali wataƙila jinya yake yi, ko shi ke kai yara makaranta.

In uzurin na gaske ne, ku matsar da lokacin shigarsa da rabin awa, ya rama da yamma. Ku sa ranar sake zama bayan mako biyu. In ya gyara, ka gaya masa ka lura.