Yadda na gyara jadawalin gasar ƙwallo mai ƙungiya 13

Gasar Sallah da muka shirya a Nima, nan Accra, ƙungiyoyi 13 suka biya kuɗin shiga, kuma wanda aka ci ya fita ke nan. Da farko na haɗa su bibbiyu: wasa shida, ɗaya ta zauna. Sai ga bakwai sun rage, wata ma sai ta sake zama. Nan gardama ta tashi, kowa na cewa an yi son kai.

Kuskurena shi ne barin hutun ya bi mu zagaye bayan zagaye. Jadawali ba ya tafiya daidai sai da 4, 8, 16 ko 32, domin su ne ake ta rabawa biyu har a kai ɗaya. Na ɗauki 16, wadda ke gaba da 13, na cire 13, saura uku. To, ƙungiyoyi uku ne za su huta, a zagayen farko kawai. Sauran goman suka buga wasa biyar, biyar suka tsallake, suka tarar da ukun nan, suka cika takwas cif.

Ukun da suka huta kuwa, ƙuri'a muka jefa a gaban kyaftin-kyaftin, don ban yarda a ce ni na zaɓa ba. Wasanni 12 muka nema wa fili, tunda kowane wasa ƙungiya ɗaya yake fitarwa.