Darasi na Bakwai: Yadda Ake Tsara Lokacin Ma'aikata a Gidan Abinci

Mai gidan abinci da yawa, in ya zo raba aiki, yakan ce kowa ya zo da safe ya tashi da dare. Sai ka tarar ƙarfe huɗu na yamma mutum shida na zaune ba abin yi, amma ƙarfe ɗaya na rana, da masu ciniki suka cika wurin, kicin ya rikice. Masu cin abinci ba sa zuwa daidai wa daida. Suna zuwa ne a dunƙule sau biyu, da rana da kuma dare. Saboda haka tsarin aiki daga lokacin cunkoso ake fara shi, sannan a yi lissafi a koma baya.

Matakin farko ƙirga ne. Ka ɗauki rasit ko littafin ciniki na mako biyu, ka rubuta mutum nawa suka yi oda a kowane rabin awa. Kada ka yi ƙirgar awa guda-guda, domin awa tana ɓoye cunkoso. Mutum 60 a awa ɗaya na iya zama 20 a rabin farko, 40 a na biyu, kuma wannan 40 ɗin ne ke karya kicin.

Bari mu ɗauki misali. Ga gidan abinci mai tebur 12, yana buɗewa ƙarfe 12:00 na rana, yana rufewa 10:00 na dare. Da aka ƙirga, a rabin awar farko mutum 10 ne. Daga 12:30 zuwa 1:00 mutum 22, daga 1:00 zuwa 1:30 mutum 36, daga 1:30 zuwa 2:00 mutum 30. Bayan nan sai 14, sai 8. Da dare kuwa ciniki ya fi miƙewa, tsakanin 7:00 da 9:00, kuma bai wuce mutum 28 a rabin awa ba.

Yanzu sai a auna hannun ma'aikata. Ka tsaya da agogo ka duba minti nawa mai girki ɗaya ke ɗauka ya haɗa faranti ya miƙa, in komai na shirye a gabansa. A wannan gidan minti 2 ne, wato faranti 15 a rabin awa. Mutum 36 sun fi ƙarfin masu girki biyu, don su 30 kawai za su iya, sai an sa uku. Da dare kuma biyu sun isa. Mai kai abinci ɗaya yana iya riƙe tebur huɗu ba tare da ya manta da kowa ba, to tebur 12 na bukatar mutum uku daga 12:30 zuwa 2:00. Kowane gida da nasa awon, kada ka ari na wannan misalin.

Inda aka fi yin kuskure shi ne shirin da ake yi kafin a buɗe. Faranti 15 ɗin nan ba ya fita sai in an riga an yanka, an wanke, an dafa. Shirin kuma lokaci iri biyu gare shi. Akwai lokacin hannu, wanda dole mutum ya tsaya yana aikin, kamar yankan albasa. Akwai lokacin wuta, wanda tukunya ce ke aiki, mutum na iya juyawa ya kama wani abu. Lokacin hannu shi ke gaya maka mutum nawa za ka kira da safe. Lokacin wuta shi ke gaya maka ƙarfe nawa za su zo, domin in nama awa biyu yake bukata ya nuna, ko mutum goma ka tara a kansa awa biyun zai yi.

A misalinmu ana son komai ya kammala 11:45, kwata kafin buɗe ƙofa. Nama ne ya fi daɗewa: yanka da gyara minti 40, dahuwa awa 2. In ka koma baya daga 11:45, dole ya hau wuta 9:45, yankan kuma ya fara 9:05. Ke nan ƙarfe 9:00 ne lokacin zuwa. Sai a tara aikin hannu: nama minti 40, kayan lambu 90, haɗa miya 50, shinkafa 20, gyaran kicin da jera kaya 40. Duka minti 240, awa huɗu ke nan. Mutum ɗaya ba zai gama awa huɗu tsakanin 9:00 da 11:45 ba. Mutum biyu za su gama, har su sami ɗan sarari su ci abinci kafin a buɗe. Na uku ba shi da aiki da safe, kiransa asarar albashi ce da ƙarfinsa.

Ga yadda kicin zai kasance. Mai girki na ɗaya da na biyu za su yi daga 9:00 zuwa 5:00. Na uku zai zo 12:00 ya tashi 3:00, ya dawo 5:30 zuwa 10:30. Na huɗu zai kama 2:30 har 10:30. Kowa awa takwas. Na uku shi ke da rabon da ya fi wuya, domin an tsinka masa yini biyu. A ganina bai kamata a ɗora wa mutum ɗaya wannan kullum ba, a riƙa juyawa mako-mako, a kuma duba nisan gidansa. Hutun na ɗaya da na biyu ya faɗo tsakanin 2:30 da 3:30, ɗaya bayan ɗaya, ba tare ba. Dokar ƙwadago ta kowace ƙasa tana da nata ƙa'idar awanni da hutu, sai ka daidaita takardarka da ita.

Daga 3:30 zuwa 5:00 kuwa, lokacin da ake ganin kamar ba aiki, shi ne na shirin dare, ga mutum uku a kicin. Wani zai ce me zai hana a dafa na dare tun safe a huta? Dafaffen abinci bai kamata ya wuce awa biyu a ajiye ba wuta ba firji, domin ƙwayoyin cuta na saurin yaɗuwa a cikinsa. In za a riƙe shi da zafi, sai zafin ya wuce digiri 60 na ma'aunin Salsiyos, kuma abincin da ya yini haka yakan dagargaje.

Mai wanke-wanke cunkosonsa na zuwa ne kamar rabin awa bayan na kicin, lokacin da faranti ke dawowa. Ya shigo 12:30, kada ya tashi kafin 3:00.

Bayan mako ɗaya da sabon tsari, ka tsaya a ƙofar kicin ƙarfe 1:15 ka kalla. In ka ga mai girki ya ajiye ludayi yana yanka albasa, shirin safe ne bai isa ba, ƙara mutum da rana ba zai gyara ba. In faranti na jere yana hucewa ba mai ɗauka, masu kai abinci ne suka yi kaɗan. In abinci na nan amma ba tsabtataccen faranti, matsalar tana wurin wanke-wanke. In kuwa komai na shirye amma takardun oda na taruwa, a nan ne ake ƙara mai girki.

Aikin gida: wani gidan abinci na buɗewa 12:30, yana son kammala shiri 12:15. Abin da ya fi daɗewa na ɗaukar minti 30 na gyara da awa ɗaya da rabi a wuta, aikin hannu duka kuma awa 5 ne. Ƙarfe nawa masu shiri za su zo, kuma mutum nawa ake bukata?