Lissafin tayil mai gefe shida

'Yan'uwa masu aikin tayil a Agege, ga shawara kan tayil mai gefe shida daidai wa daida. Gefe ɗaya kawai za ka auna. A ce santimita 20 ne, kewayensa 20 sau 6, wato 120.

Faɗin fuskarsa kuwa, ja layi daga tsakiya zuwa kowace kusurwa, za ka sami alwatika shida, kowane gefensu 20. Tsayin alwatika shi ne gefe sau 0.866, wato 17.32. Rabin gindi sau tsayi, 10 sau 17.32, ya ba da 173.2. Sau shida, kusan murabba'in santimita 1,039.

Na taɓa ɗaukar gefen a matsayin tsayi, na sami 1,200, tayil ya ƙare mini ana tsakiyar aiki. Tsayin kullum bai kai gefe ba.