Shawara ga masu rubuta manufofin ƙungiya

Salamu alaikum 'yan uwa, wata 'yar shawara ce ga masu rubuta takardar ƙungiya ko sanarwa. In za ku jero abubuwa, ku tabbata duk sun zo da siga ɗaya. Ga irin wanda nake yawan gani:

Manufofinmu su ne:
1. Tallafa wa marayu
2. Mu gyara rijiyar unguwa
3. Tsafta
4. Za a koya wa matasa ɗinki

Na ɗaya ya fara da sunan aiki, na biyu umarni ne, na uku suna ne tsurarsa ba a ma faɗi abin da za a yi ba, na huɗu kuwa cikakkiyar jimla ce. Yadda za ku gane matsalar ba wuya, ku ɗauki jimlar da ta buɗe jerin ku haɗa ta da kowane layi ɗaya bayan ɗaya ku karanta da ƙarfi. "Manufofinmu su ne tallafa wa marayu" ya zauna daram, amma "manufofinmu su ne za a koya wa matasa ɗinki" kunne ma ya ƙi karɓa.

Gyaran shi ne ku zaɓi siga ɗaya ku bi ta har ƙarshe: tallafa wa marayu, gyara rijiyar unguwa, tsaftace magudanan ruwa, koya wa matasa ɗinki. Kun ga dole ta sa mun fayyace me ake nufi da tsafta ɗin nan. In kuma wani layi ya ƙi lanƙwasuwa, sau da yawa ba ɗan jerin ba ne, ku fitar da shi ku rubuta shi a ƙasa daban.