Layin da aka goge ba ya aiko da saƙo: kurakuran da na gaji da gani a wajen sink

Wannan watan kaɗai sau uku ina duba kod ɗin masu fara aikin kwaso bayanai daga wata manhaja zuwa rumbunsu, kuma duka ukun rami ɗaya suka faɗa, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta kawai in huta da maimaitawa. Maganar ita ce sink ɗin da yake ɗauko abin da ya canza kaɗai, wato ka ajiye lokacin da ka tsaya jiya, yau kuma ka ce wa tushen ya ba ka duk abin da aka taɓa bayan wannan lokacin.

```sql
SELECT * FROM invoices WHERE updated_at > :last_sync;
```

Sabon layi zai zo, wanda aka gyara zai zo. To wanda aka goge fa? Ba zai zo ba, har abada, don babu shi ballantana a ce yana da `updated_at` da za a kwatanta. Tushen bai ce maka komai ba, ya daina kawo shi ne kawai, kai kuma a wajenka layin yana nan daram kamar ba a yi komai ba. Abin da ke ruɗar mutane shi ne babu kuskure ko ɗaya da zai fito a log, kullum sikirif ɗin yana gamawa lafiya lau.

Ni da wannan na fara ƙonewa. Ina yi wa wani kamfanin dillancin kaya aiki, masu sayarwa suna yanka rasit a manhajarsu, ni kuma duk awa ɗaya ina kwaso su zuwa PostgreSQL don rahoton kuɗi. In mai sayarwa ya yi kuskure a rasit sai ya goge ya yanka sabo, ni ban san haka suke yi ba don ban tambaya ba. Wata huɗu muna tafiya a haka. Ranar da akanta ya kira ni ya ce malam jimillar cinikinka ta fi tamu, na yi ta musu da shi ina cewa ai sink ɗina bai taɓa faɗuwa ba, sai da na ƙirga da kaina: tushen yana da rasit 48,200, ni ina da 48,615. Rasit 415 da suka daɗe da mutuwa suna zaune a rahoton, kuma kowanne an ƙirga shi tare da sabon da ya maye gurbinsa, an ma riga an biya wasu kamasho a kan wannan lissafin. Wallahi har yau in na tuna raina yana ɓaci, don ƙirga guda ɗaya ta `COUNT(*)` a ɓangarorin biyu da ta tona asirin tun satin farko. Alamar ke nan da za ka gane kana da wannan ciwon, adadin wajenka kullum hawa yake yi, bai taɓa sauka ko da ɗaya ba.

Kafin ka gina komai, ka fara bincika ko tushen yana da hanyar faɗa maka. Da yawa suna da ita, mutane ne ba sa karantawa. Salesforce yana da `getDeleted` da kuma `queryAll` mai nuna `IsDeleted`, Microsoft Graph in kana amfani da delta yana sa `@removed` a kan abin da aka cire, Google Calendar da `syncToken` yana dawo maka da wanda aka goge da `status` ɗinsa `cancelled`. In kuma rumbun naku ne, ko ka roƙi masu shi su daina gogewa su riƙa cika `deleted_at` (tare da taɓa `updated_at`, in ba haka ba aikin banza ne), ko ka karanta canje-canjen daga WAL ko binlog, wato kundin da rumbun ke rubuta duk canjin da aka yi masa, da irin su Debezium, inda gogewa take zuwa da `op` ɗinta `d`. Amma manhajar da nake magana ba ta da ko ɗaya, kuma masu ita ba su da niyyar ƙarawa. A nan babu wata dabara sai ka kwaso jerin dukkan `id` ɗin da ke raye a tushen, ka kwatanta da naka, wanda ke wajenka babu shi a can shi ne abin zargi.

Abin zargi na ce fa, ban ce matacce ba. Kuskure na biyu ke nan kuma ya fi na farko muni nesa ba kusa ba, don na farko ƙari yake yi maka, wannan kuwa ɓarna yake yi.

Na rubuta aikin dare wanda yake bin shafi-shafi, 500 a kowane shafi, ya tara `id`, in ya gama ya yi `DELETE` a kan duk wanda bai gani ba. Sati uku yana tafiya daidai. Wani dare, lokacin rasit sun kai 49,000, wato shafi 98, tokin ɗin shiga ya ƙare bayan shafi na 60. Kod ɗina ya kama kuskuren ya mayar da jeri fanko, madaukin kuma an rubuta shi ne in ya ga shafi fanko ya ɗauka an zo ƙarshe. Sai ya fito da `id` 30,000 yana ganin ya gama aikinsa, ya goge 19,000 masu rai, kuma da yake na sa `ON DELETE CASCADE` a teburin kayan da ke cikin kowane rasit, su ma suka bi. Da safe manaja ya buɗe rahoto ya ga kusan kashi biyu cikin biyar na rasit ɗinsu sun ɓace. Kuma ka lura, sink ɗin awa-awa ba zai taɓa dawo da su ba, don a tushen ba wanda ya taɓa su, `updated_at` ɗinsu tsoho ne. Sai da na sake kwaso komai daga farko, yini guda cur, bayanan da ma'aikata suka ƙara a wajenmu kuwa sai daga bakof na tono su.

Don Allah ku daina rubuta madaukin da ba ya bambance "na gama" da "na faɗi". Ina ganin wannan a kod ɗinku kullum, `try` da `except` da `return []`, sannan ƙasa kaɗan ga `DELETE` yana jira. Wa ya ce maka jerin ya cika? In ba za ka iya nuna hujjar cewa ka kai shafin ƙarshe ba, ba ka da hurumin taɓa layi ko ɗaya a daren nan. Duk kuskure, ko 401 ne ko 429 ko layin sadarwa ya yanke, a soke zagayen gaba ɗaya a jira gobe, rasit matacce ya ƙara kwana ɗaya ba zai kashe kowa ba.

Ga yadda nake yi yanzu, ba wai doka ba ce, abin da ya zauna min ne. Ina rubuta lokacin da zagayen ya fara, in zuba duk `id` ɗin a teburin wucin gadi, in API ɗin yana ba da jimilla in tabbatar abin da na tara ya yi daidai da ita ko ya yi kusa sosai. Sannan ba na gogewa, alama kawai nake sawa:

```sql
UPDATE invoices t
SET missing_count = missing_count + 1
WHERE t.deleted_at IS NULL
  AND t.first_synced_at < :scan_start
  AND NOT EXISTS (SELECT 1 FROM seen_ids s WHERE s.id = t.source_id);
```

Wannan sharaɗin na `first_synced_at` kar ka cire shi. Zagayen yana ɗaukar minti arba'in, in aka yanka sabon rasit a tsakiya sink ɗin awa-awa ya kawo shi, ba lallai ya shiga jerin da ka tara ba, sai ka zarge shi alhali yanzu aka haife shi. Duk wanda aka gani kuma `missing_count` ɗinsa ya koma sifiri. Sai layi ya ɓace dare biyu a jere nake cika masa `deleted_at`, rahotanni su daina ƙirga shi, amma yana nan a tebur kwana 30 kafin in share shi da gaske. Sannan akwai birki: in waɗanda suka ɓace a dare ɗaya sun haura kashi 2 cikin ɗari, aikin ya tsaya ya turo min saƙo. Kashi biyun nan daga ɗabi'ar wannan teburin na samo shi, su 415 suka goge a wata huɗu, wato uku zuwa huɗu a rana, to in na ga dubu a dare ɗaya ai ba gogewa ba ce, wani abu ne ya lalace. Kai ka duba naka teburin ka sa naka adadin.

Me ya sa dare biyu? Saboda ko zagayen ya kai ƙarshe lafiya, zai iya tsallake layi mai rai in kana bin shafi da `OFFSET`. Ka karanta layi na 1 zuwa 500, kafin ka nemi shafi na biyu wani ya goge na 200, to wanda yake na 501 ya zame ya koma na 500, kai kuma ka ce `OFFSET 500`, shi ke nan ka wuce shi ba ka gan shi ba. In tushen ya yarda, ka bi da `WHERE id > :last_id ORDER BY id` wannan matsalar ta kau. In bai yarda ba, dare na biyu ne yake wanke shi, don da wuya layi ɗaya ya faɗa wannan tsagar sau biyu a jere. Da yake 'yan kaɗan ne suke rage, nakan ma tambayi kowanne kai tsaye da `id` ɗinsa kafin in yanke masa hukunci, sai dai ka sani 404 ba kullum take nufin an goge ba, GitHub misali 404 yake bayarwa a kan abin sirri da ba ka da izinin gani.

Wannan ya kawo ni kan wani da mutane ke mantawa: layi yana iya ɓacewa don an rage wa asusunka izini, ko don kana tacewa da `status=active` shi kuma an mayar da shi wani matsayin. Yana raye, daga idonka kawai ya fita. Zagayen kwatantawa ya tafi ba tare da tacewa ba in da hali, in kuwa babu hali to kar ka kira abin "an goge" a rahoto.

Sauran ƙanana ne. Kar ka yi `NOT IN` a maimakon `NOT EXISTS`, in `NULL` ɗaya ya shiga jerin ba zai dawo maka da komai ba sai ka ɗauka babu wanda ya ɓace. In Google Calendar ya ba ka 410 to tokin ɗinka ya tsufa, ka share abin da ka ajiye ka sake cikakken sink, kar ka ci gaba kamar ba a yi ba. Masu Debezium da PostgreSQL, in ba ku sa `REPLICA IDENTITY FULL` ba maɓallin layin kaɗai za ku samu a saƙon gogewa, kar ku zauna jiran sauran bayanan. Kuma in layin da ka sa wa `deleted_at` ya sake bayyana a sink ɗin awa-awa, ka tabbatar umarnin da ke sabunta shi yana mayar da `deleted_at` zuwa `NULL`, na ga wanda rasit ɗinsa ya dawo tushen sati biyu amma rahoto yana ta ɓoye shi saboda wannan layin guda ɗaya da bai rubuta ba.